Maganin farfaɗiya na yara: yadda ake auna shi, da abin yi in an manta ba a ba yaro ba

 Yau bayaninmu na iyayen da ke da yaro mai farfaɗiya ne, ciwon da wasu ke ce ma borin jaki, musamman waɗanda likita ya riga ya ɗora ɗansu bisa magani na kullum. Tambaya biyu ce ta fi damun irin waɗannan iyaye. Ta farko, don mi aka ce ƙwaya kaza za a ba shi, ba fiye ba, ba ƙasa ba? Ta biyu, in dare ya wuce ba a ba shi ba, mi ya kamata a yi da safe?

Tun farko mu bambanta abu biyu. Yaro ƙarami da ya yi jijjiga don masassara ta yi mishi zafi, wannan ba lalle ba ne farfaɗiya, kuma galibi ba a ɗora shi bisa magani na kullum, masassarar ake nema a kashe. Ana zancen farfaɗiya ne in yaro ya faɗi sau biyu ko fiye, a ranaku daban-daban, ba tare da masassara ko wani ciwo na lokacin ya jawo ba. Likita ne ke tantance wannan. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cikin mutum goma masu farfaɗiya, har bakwai na iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace kuma suna shan shi yadda ya kamata. To, wannan “yadda ya kamata” ɗin shi za mu warware.

Maganin kamar ruwa ne cikin randa mai ɗigo

Maganin farfaɗiya ba kamar maganin ciwon kai ba ne, da za a sha in ciwon ya taso, a aje in ya lafa. Aikinshi tsaro ne. Dole a samu wani gwargwado nashi cikin jinin yaro dare da rana, don ya hana ƙwaƙwalwa tayar da faɗuwar.

Ku ɗauki randa wadda ke da ɗan tsagu a gindi, tana ɗigo a hankali. Kuna son ruwan ya tsaya daidai wani zane da kuka yi a jikinta. Kowace rana jikin yaro na fitar da wani kashi na maganin, hanta na narka shi, ƙoda na zubar da shi, wannan shi ne ɗigon. Ƙwayar da kuke ba shi kullum ita ce kwaryar ruwan da ke mayar da abin da ya zube. In ruwan ya yi ƙasa da zane, faɗuwa na iya dawowa. In ya wuce zane da yawa, maganin da kanshi ya zama illa: yaro ya yi ta kwana, yana tangaɗi.

Maganin da aka fi samu a karkara shi ne fenobarbital, wanda da yawa suka fi sani da gardenal. Tsohon magani ne, tun shekarar 1912 ake ba masu farfaɗiya shi. Randar shi ɗigonta a hankali ne: a jikin yaro sai an yi kamar kwana biyu zuwa uku kafin rabin abin da ke cikin jini ya fita. Shi ya sa sau ɗaya a rana ke isa, kuma aka fi son da dare, tun da yana sa kwana. Wani likita yana raba shi biyu, safe da dare, musamman ga ƙananan yara. Haka kuma randar ba ta cika a rana ɗaya. In an fara maganin, sai an yi sati biyu zuwa uku ana ba shi kullum kafin ya kai inda zai tsaya. Don haka in yaro ya faɗi a satin farko, kada a ce maganin ba ya aiki.

Akwai wasu magunguna biyu da ake rubutawa: depakin, wanda sunan sinadarinshi balfurowat, da tegretol, wato karbamazefin. Su ɗigonsu da sauri ne, kafin kwana ɗaya ya cika rabinsu ya fita, shi ya sa ake ba da su sau biyu ko uku a rana. Mantuwa ɗaya ta fi yin tasiri a kansu bisa ga gardenal.

Da nauyin yaro ake auna shi

Ba da shekaru ake auna maganin ba, kuma ba da abin da aka ba ɗan maƙwabci ba. Da sikeli ake yi. A ƙa'idar OMS, gardenal ga yaro ana farawa da miligiram 2 zuwa 3 ga kowane kilo na nauyinshi a rana. In faɗuwar ba ta tsaya ba, likita ya ƙara kaɗan-kaɗan, amma ba a wuce miligiram 6 ga kowane kilo a rana. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin awon da ke hana faɗuwa ba tare da ya kashe ma yaro jiki ba.

Mu yi misali da yaro ɗan shekara bakwai, a wani ƙauye kusa da Gesheme. An ɗora shi bisa sikeli a CSI, nauyinshi kilo 20. Majo ya rubuta mishi ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 kowane dare. In kun raba 50 gida 20, kowane kilo ya samu miligiram 2 da rabi, ke nan yana cikin awon farawa. Bayan wata ɗaya an dawo, uwar ta ce faɗuwar ta ragu, da sau huɗu ce a wata, yanzu sau ɗaya. Kafin majo ya ƙara komi, sai ya tambaya: an tsallake wani dare? Ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ya tarar daidai suke. Sannan ya ƙara zuwa ƙwaya ɗaya da rabi, wato miligiram 75, kusan miligiram 4 ga kowane kilo. Faɗuwa ta tsaya. To nan za a tsaya, wannan shi ne awon shi na kullum. Iyakar da yaro mai kilo 20 ba zai wuce ba ita ce 6 sau 20, miligiram 120 a rana.

Amma yaro girma yake. Bayan shekara uku, a ce ya kai kilo 28. Miligiram 75 ɗin nan yanzu bai kai 3 ga kowane kilo ba. Ƙwayar ba ta canza ba, randar ce ta ƙara girma. In faɗuwa ta dawo a wannan lokaci, iyaye da yawa sai su ce jikinshi ya saba da maganin, ko maganin asibiti ya kasa, alhali awon ne ya yi kaɗan. Shi ya sa duk zuwa karɓar magani, a roƙa a auna yaro a rubuta nauyin cikin karnenshi. Ƙarin kuwa likita ne ke yin shi, ba uba ba, ba kaka ba.

Ku dubi lambar da ke jikin kwali

Nan ne kuskure ya fi yawa. Iyaye na riƙe “ƙwaya ɗaya da rabi” a kai, su manta da lambar. Gardenal a farmasin ƙasarmu an fi samun mai miligiram 50 da mai 100, kuma duk ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya saurin bambanta su. In yaron misalinmu aka sayo mishi mai 100, aka ci gaba da ba shi ɗaya da rabi, ya sha miligiram 150 ke nan, ya wuce iyakarshi ta 120. Kuma tun da maganin taruwa yake a hankali, daren farko ba za a ga komi sosai ba. Sai bayan ƴan kwanaki a ga yaro ba ya tashi da safe, yana tafiya yana tangaɗi, magana na jan baki.

Mu da ke kusa da iyaka muna da ƙarin matsala. A Najeriya ƙwayar da aka fi sayarwa mai miligiram 30 ce, akwai kuma mai 60. In ɗan'uwa ya sayo mai 30 daga can, aka ba yaro ɗaya da rabi, miligiram 45 kaɗai ya sha maimakon 75. Kowa na ganin ana ba shi magani kullum, amma randar na ta raguwa. Don haka abin da za ku hardace shi ne “miligiram 75 kowane dare”, kuma duk sabon kwali a nuna ma majo ko mai farmasi kafin a buɗe shi. Na masu talla a tire da na cikin kasuwa da ya sha rana kuwa, babu mai iya tabbatar muku abin da ke cikinshi.

Masu ba yaro depakin na ruwa su ma su kula. Akwai siro, akwai kuma wani na ruwa mai ƙarfi wanda ya ninka siron fiye da sau uku. Kowane da sirinjin awon da ya zo da shi cikin kwali. Kada a auna da cokalin gida, kada a ɗauki sirinjin wannan a auna wancan.

An manta: mi za a yi?

Mantuwa na samun kowa. Biki ne, ko rasuwa, ko an dawo daga gona a gajiye, yaro ya yi kwana tun kafin tuwo ya sauka. Ga ƙa'idar da likitocin yara ke bi, sai fa in likitan ɗanku ya faɗa muku wata daban, to tashi za ku bi.

In sau ɗaya ake ba shi a rana, da dare: yaron misalinmu na shan nashi bayan lisha, ƙarfe 8. In an tuna tun bai yi kwana ba, ko ƙarfe 10 ne, a ba shi. In ya riga ya yi kwana mai nauyi, ba sai an tada shi ba, kuma kada a tura ƙwaya a bakin yaro mai kwana, yana iya shaƙewa. A bari sai safe. Da safe ana iya ba shi na jiyan, da sharaɗin saura awa 12 ko fiye kafin na daren yau. Ke nan in an tuna da asuba, ko ƙarfe 7, a ba shi miligiram 75 ɗin, sannan da dare ƙarfe 8 a ba shi na yau kamar kullum. Ranar yana iya ɗan jin kasala. In kuwa ba a tuna ba sai azahar ko la'asar, na jiya ya wuce, a bar shi. A jira lisha a ba shi ɗaya da rabi yadda aka saba.

In sau biyu ake ba shi a rana, kamar depakin ko tegretol ƙarfe 7 na safe da 7 na dare: ana da awa 4. Na safe in an tuna kafin ƙarfe 11, a ba shi. In ya wuce haka, a tsallake, a jira na dare.

Abu ɗaya da ba a yi ko kaɗan: haɗa na jiya da na yau a ba shi lokaci guda don a rama. Ƙwaya uku maimakon ɗaya da rabi miligiram 150 ne a tashi ɗaya. Ramuwar ba ta maido da daren da ya wuce, sai dai ta jawo kwana mai nauyi, kuma gardenal in ya yi yawa yana rage numfashi. Haka in an shiga shakka, uwa na cewa kamar ta ba shi, kishiya ko kaka na cewa ba ta gani ba, kada a ƙara bisa zato. A ƙirga ƙwayoyin da suka rage. In ƙirga ba ta fidda gaskiya ba, a jira lokaci na gaba.

Amai fa? In yaro ya yi amai kafin minti 30 da shan maganin, a bari cikin ya ɗan lafa a sake ba shi daidai wannan awon. In minti 30 ta wuce, maganin ya riga ya shiga jiki, ba a sakewa. In ya sake amayar da shi, ko yana ta amai da zawo, ko masassara ta hana shi riƙe komi a ciki, a kai shi CSI ranar nan. Masassara da rashin kwana dama suna tayar da farfaɗiya, ga kuma magani bai zauna ba, haɗari biyu ne suka haɗu. A can ku faɗa ma ma'aikacin lafiya maganin da yaron ke sha kafin a rubuta mishi wani, don gardenal da tegretol suna rage ƙarfin wasu magunguna, har da wasu na masassarar cizon sauro.

Bayan mantuwa, a sa ma yaro ido na ƴan kwanaki. Kada ya je rijiya ko tafki shi kaɗai, kada ya zauna bakin murhu, kada ya hau icce ko amalanke ba babba kusa.

Babban haɗari: maganin ya ƙare

Mantuwar dare ɗaya ga mai shan gardenal, galibi ba ta kawo komi, don abin da ya ragu cikin jini bai wuce kamar kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin tsoro shi ne kwanaki a jere. Kuma nan jinkirin ɗigon ke yaudarar mutane. Magani ya ƙare ranar Litinin. Talata yaro lafiya lau, Laraba lafiya lau, har ma ya fi walwala. Sai a ce ai ya warke, ko a ce a bari sai Juma'a in an shiga kasuwar Dutsi a sayo. Amma zuwa ƙarshen satin abin da ya rage cikin jini bai fi kwata ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba da maganin wata da watanni, in an janye mata shi farat ɗaya, tana iya tayar da faɗuwa wadda ta fi ta da muni, ɗaya bayan ɗaya, yaro bai farfaɗo ba wata ta zo. Irin wannan tana kisa. Kuma saboda kwanaki sun shiga tsakani, ba a danganta ta da ƙarewar maganin, sai a ce iska ce ta dawo.

Saboda haka, in an tsallake kwana biyu ko fiye, kada a tara na kwanakin a ba shi. A ba shi awon dare ɗaya kamar kullum, a kai shi wajen majo ko likita ranar ko washegari, a faɗi gaskiyar kwana nawa ne. In an daɗe ba a sha ba, sati ko fiye, likita ne zai ce ko a koma kan tsohon awon ko a sake hawa daga ƙasa, musamman tegretol da ba a son a fara shi da yawa.

Rigakafin wannan lissafi ne mai sauƙi. Ɗaya da rabi sau kwana 30, ƙwaya 45 ke nan a wata. In saura ƙwaya 10, wato na kamar sati ɗaya, lokacin komawa ya yi. Gardenal magani ne da doka ta tsare, farmasi ba ta ba da shi sai da takardar likita, kuma wani lokaci ana zuwa a tarar babu, sai an nema a Dutsi ko Doso. Satin nan shi ne ratar da za ta ba ku damar nema. Da damina kuwa, lokacin da ake tarewa gona kuma ruwa ke yanke hanya, ku roƙi likita tun kafin shuka ko zai rubuta na wata biyu ko uku. In yaro zai je hutu wajen kaka, ko za a kai shi makarantar allo a wani gari, maganin da karnen su tafi tare da shi, a damƙa su hannun babba guda wanda aka yi ma bayani.

A cikin gida ma mutum ɗaya ya kamata ya riƙe aikin. A ɗaure shi da abin da ba a mantawa, kamar sallar lisha, ko a sa ƙararrawar salula. Kowane dare in an ba shi, a ja layi a kalanda ko a jikin bango da gawayi. Ranar da ya faɗi a yi wata alama daban. Wannan takardar ita ce za ta nuna ma likita ko awon ne ya yi kaɗan, ko mantuwa ce ta yi yawa. Maganin kuma a aje shi sama, inda ƙannai ba su kai hannu, nesa da rana.

Yaushe za a ruga likita?

In faɗuwa ta zo, a kwantar da yaro bisa gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa tsumma ƙarƙashin kai. Kada a sa cokali ko yatsa a bakinshi, kada a ɗura mishi ruwa, ko rubutu, ko ƙwayar gardenal. Ƙwayar ba ta tsayar da faɗuwar da ta riga ta fara. Kuma miyaun shi ba ya sa ma kowa ciwon, farfaɗiya ba a ɗaukar ta. A dubi agogo. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a nemi babur ko mota zuwa CSI mafi kusa, don tsayar da irin wannan sai da magani mai saurin aiki da ake yi ta allura ko ta dubura. In abin ya fi ƙarfinsu su tura babbar likita.

Haka in yaro ya sha fiye da awon shi, ko ƙanenshi ya haɗiye ƙwayoyin, a tafi nan take da kwalin a hannu, kada a jira alama. Ƙuraje a jiki tare da masassara ko gyambo a baki cikin watannin farko na shan gardenal ko tegretol, shi ma na gaggawa ne. Ga mai shan depakin, amai da kasala da ido ya yi rawaya alama ce ta hanta. Yarinya kuma da ke shan depakin, in ta fara girma ana zancen aure, a koma wajen likita tun da wuri, don maganin na illa ga ɗan da ke ciki, amma kada ta aje shi da kanta.

Wani yaron gardenal ba ya sa shi kwana, sai ya sa shi ƙiriniya da faɗa, ko malamin makaranta ya ce hankalinshi ba ya tsayawa. Wannan sananne ne. A faɗa ma likita, yana iya rage awon ko ya canza magani sannu a hankali.

Daga ƙarshe, tambayar da kowane uba ke yi: har yaushe? In yaro ya yi shekara biyu cur bai faɗi ba, likita na iya duba ko za a janye maganin. Ko a nan ba a yanke shi rana ɗaya, ana rage shi ne kaɗan-kaɗan tsawon watanni. Mai neman addu'a wajen malam ya nema, babu mai hana shi, amma ƙwayar dare ta ci gaba. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya ba iyaye juriyar kula da su. Amin.